Mace Ɗaya Cikin Alƙalai Tara

Daga 1981 zuwa 1993, Sandra Day O'Connor ce kaɗai mace cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amirka, amma girman kujerar bai hana a riƙa tarar numfashinta ba.

Tonja Jacobi da Dylan Schweers, waɗanda suka bi bayanan zaman kotun, sun bayyana a 2017 cewa fiye da sulusin katse maganar da aka yi wa alƙalai a 1990, ita aka yi wa.

Wata kafar ita ce ladabi. Alƙaliya kan fara da neman izinin tambaya, kafin ta kai ga tambayar namiji ya shige. Sannu a hankali O'Connor ta rage neman izinin, ta koma jefa tambayarta kai tsaye.