Daga hoton WhatsApp zuwa teburin gasa: yadda ake gane wanda ya zo na ɗaya idan maki ya zo ɗaya

A gasar ƙwallon unguwa da ta ƙauye, irin wadda matasa ke haɗawa a Yasore da garuruwan da ke tsakanin Batsari da Safana, ba kasafai ake samun takardar alƙalin wasa da aka sa wa hannu ba. Abin da ke isa hannun sakataren gasa shi ne hoton fuskar waya: wani ya rubuta sakamako a WhatsApp, wani ya ɗauki hotonsa, na uku ya turo. Ana tafiya lafiya a haka har ranar da ƙungiyoyi biyu suka gama da maki ɗaya, gurbi kuma ɗaya ne. A ranar ce kowa zai ciro wayarsa da nasa lissafin.

Ana iya haɗa teburin duka a waya da Google Sheets. Idan aka kunna wa fayil ɗin Available offline, yana buɗewa ko babu sabis. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da aka taɓa katse layukan sadarwa gaba ɗaya a watan Satumba na 2021.

A ɗauki misalin rukuni mai ƙungiyoyi huɗu, a kira su Gabas, Yamma, Kudu da Arewa. Kowace za ta kara da kowace sau ɗaya, wato wasa 6, kuma ta ɗaya ce kawai za ta wuce. Ga abin da hotunan suka nuna: Gabas 2-1 Yamma, Kudu 1-1 Arewa, Gabas 0-1 Kudu, Yamma 4-0 Arewa, Yamma 2-0 Kudu, Gabas 1-0 Arewa.

Kafin a taɓa lissafi

Yawancin ɓarnar tana faruwa ne tun wurin hoton. Wasa ɗaya kan zo sau biyu, daga mai horar da wannan ƙungiya da kuma na waccan, kowa ya sa sunan tasa a gaba, sai ya yi kama da wasa biyu. Akwai kuma hoton da aka ɗauka lokacin hutun rabin lokaci, ya ci gaba da yawo bayan an tashi. Abin da aka ɗora a Status kuwa yana ɓacewa bayan awa 24, don haka wanda bai adana shi a ranar ba ya rasa hujjarsa. Maganin shi ne a ba kowane wasa lamba tun ranar da aka fitar da jadawali, kuma kada a shigar da sakamako sai ɓangarorin biyu sun faɗi abu ɗaya.

Google Lens na iya ciro rubutu daga hoto, amma hoton da aka yi ta turawa yakan dushe, sai 0 ya koma harafin O, 1 ya koma l. Ga wasa shida ko goma, bugawa da hannu ta fi sauri kuma ta fi aminci.

Kada a rubuta 2-1 a gida ɗaya. Google Sheets da Excel duka suna ɗaukar 2-1 a matsayin kwanan wata, su mayar da shi wata rana a Janairu ko Fabrairu. Kowane wasa ya samu layinsa, a raba shi gida huɗu: A sunan ƙungiyar farko, B ƙwallayenta, C ƙwallayen ta biyu, D sunan ta biyu. Layi na 1 na kanun bayanai ne, wasannin su fara daga layi na 2.

Sai a ƙara E da F, su riƙe makin da kowane ɓangare ya samu. Na farko a E2, na biyu a F2, a kwafe su zuwa ƙasa:

```
=IF(COUNT(B2:C2)<2,"",IF(B2>C2,3,IF(B2=C2,1,0)))
=IF(COUNT(B2:C2)<2,"",IF(C2>B2,3,IF(B2=C2,1,0)))
```

Wancan COUNT na farko yana da aiki. Idan babu shi, wasan da ba a buga ba tukuna zai zama canjaras, domin gida biyu da babu komai a cikinsu daidai suke a wurin manhajar, sai kowa ya samu maki 1 kyauta. Haka kuma COUNT lambobi kawai yake ƙirgawa, saboda haka idan harafin O ya shigo a madadin sifili, gidan maki zai zauna fayau, a gane akwai matsala a layin.

Teburin kansa

A rubuta sunayen ƙungiyoyin a H2 zuwa H5: Gabas, Yamma, Kudu, Arewa. I2 na maki ne, J2 ƙwallayen da ƙungiya ta ci, K2 waɗanda aka zura mata, L2 bambancin ƙwallaye:

```
=SUMIF(A:A,H2,E:E)+SUMIF(D:D,H2,F:F)
=SUMIF(A:A,H2,B:B)+SUMIF(D:D,H2,C:C)
=SUMIF(A:A,H2,C:C)+SUMIF(D:D,H2,B:B)
=J2-K2
```

Kowane layi kashi biyu ne saboda sunan ƙungiya kan faɗo a hagu a wani wasan, a dama a wani. Abin da zai fito shi ne: Gabas maki 6, ta ci 3 an ci ta 2, bambanci +1. Yamma maki 6, ta ci 7 an ci ta 2, bambanci +5. Kudu maki 4, bambanci -1. Arewa maki 1, bambanci -5.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna ko teburin ya zauna daidai. Duk ƙwallon da wani ya ci, a ragar wani ta faɗa, don haka jimillar J dole ta yi daidai da ta K. A nan 13 da 13 ne, kuma bambancin duka idan aka tara ya ba da sifili. Idan bai ba da sifili ba, galibi suna ne aka rubuta iri biyu, kamar "Yamma" a wani layi da "Yamma FC" a wani, sai SUMIF ya tsallake ɗaya.

Sai dai wannan gwaji yana da iyaka, kuma a nan mutane ke ruɗuwa. Idan aka juya 2-1 ya koma 1-2, jimillar ba za ta motsa ba. Idan aka shigar da wasan 4-0 sau biyu, har yanzu sifili za a gani, alhali Yamma ta koma maki 9. Maimaici ana kama shi ne da ƙirga layuka: rukuni mai ƙungiya huɗu wasa 6 gare shi, mai biyar wasa 10. Juyayyen sakamako kuwa babu abin da ke kama shi sai a koma kan hoton, mutum ɗaya yana karantawa, wani yana duba waya.

To, wa ya wuce?

Gabas da Yamma duka maki 6. Idan bambancin ƙwallaye ne a gaba, Yamma ce, +5 da +1. Ga umarnin da zai jera su a Google Sheets, a sa shi a wani gida da babu komai ƙarƙashinsa:

```
=SORT(H2:L5,2,FALSE,5,FALSE,3,FALSE)
```

Ma'anarsa: a duba shafi na 2 wato maki, idan an yi daidai a duba na 5 wato bambanci, sannan na 3 wato yawan ƙwallaye, kowane daga babba zuwa ƙarami.

Amma 'yan Gabas za su ce ai mu muka doke su 2-1, kuma ba shirme suka faɗa ba. Dokokin biyu duka ana aiki da su a manyan gasa. A kakar 2011/12 ta Firimiyar Ingila, Manchester City da Manchester United sun gama da maki 89 kowace, City ta ɗauki kofi da bambancin +64 a kan +56. A La Liga ta 2006/07 kuwa Real Madrid da Barcelona sun gama da maki 76. Barcelona ta fi bambancin ƙwallaye nesa ba kusa ba, amma Madrid ce ta ɗauki kofin, domin ta ci 2-0 a karawar farko, ta biyun aka tashi 3-3. Gasar Kofin Afirka ma karawa tsakani take fara dubawa a matakin rukuni. Saboda haka mai kallon Firimiya a gidan kallo da mai bin Kofin Afirka kowa zai rantse tasa ce dokar ƙwallo.

Ga wanda ya zaɓi karawa tsakani, sai a ƙara shafin M. Wannan na M2 ne, makin da Gabas ta samu a kan Yamma; a M3 sai a musanya H2 da H3:

```
=SUMIFS(E:E,A:A,H2,D:D,H3)+SUMIFS(F:F,D:D,H2,A:A,H3)
=SORT(H2:M5,2,FALSE,6,FALSE,5,FALSE,3,FALSE)
```

Gabas za ta samu 3, Yamma 0, layi na biyu kuma ya ɗora Gabas a sama. Shafin M na waɗanda makinsu ya zo ɗaya ne kawai, kuma sai an sake shi duk lokacin da teburi ya canja.

Ga ƙaramar gasa, karawa tsakani ta fi tsaro, domin bambancin ƙwallaye yana buɗe ƙofar haɗa baki da ƙungiyar da ta riga ta fita. Najeriya ta ga ƙarshen wannan a watan Yuli na 2013, a wasannin neman hawa aji, inda Plateau United Feeders ta ci Akurba 79-0, Police Machine kuma ta ci 67-0 a lokaci guda, kowace na neman wuce ɗayar da ƙwallaye. Hukumar NFF ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara 10. Ko wace aka zaɓa dai, a rubuta jerin dokokin a tura wa kowane mai horarwa kafin wasan farko, har da matakin ƙarshe idan komai ya zo ɗaya. A Kofin Duniya na 2018, Senegal da Japan sun yi daidai a maki, bambanci da yawan ƙwallaye, wasansu kuma 2-2, sai katin gargaɗi ya raba su: Senegal 6, Japan 4. Gasar da ba ta rubuta kati ba ta da wannan hanya, sai ƙuri'a ko wasan raba gardama. Ƙwallayen bugun fenariti na raba gardama kuwa ba sa shiga shafin B da C.

Idan ƙungiya ba ta zo ba

A yankin da matsalar tsaro a hanya kan hana tafiya, wannan ba abin mamaki ba ne. A ce Arewa ba ta iya zuwa wasanta na ƙarshe da Gabas ba, ta kuma janye. Hanya biyu ce. Ta farko a ba Gabas 3-0, a bar sauran sakamakon yadda suke. Gabas za ta samu maki 6 da bambancin +3, ta wuce idan karawa tsakani ce doka, ta tsaya idan bambanci ne.

Ta biyu a soke duk wasannin Arewa. Nan teburin ke birkicewa. Gabas ta doke Yamma, Yamma ta doke Kudu, Kudu ta doke Gabas, kowace maki 3. Tambayar wa ya doke wa ba ta da amsa, sai a koma bambancin ƙwallaye a tsakanin su ukun: Yamma ta ci 3 an ci ta 2, +1, Gabas 2 da 2, sifili, Kudu ta ci 1 an ci ta 2, -1. Yamma ce ta wuce, ko da a ƙarƙashin dokar da ta ba Gabas gurbin ɗazu.

Wajen sokewar, kada a goge layukan Arewa. A kwafe sakamakon zuwa shafin G tare da lambar hoton kowane wasa, sannan a share B da C kawai. COUNT zai bar makin fayau, SUMIF ba zai ga ƙwallo ba, kuma idan kwamitin gasa ya sauya hukunci ana mayar da lambobin cikin minti ɗaya.