Idan jadawalin makarantu biyu ya ci karo a kan malami ɗaya

A garuruwa irin su Kano, Kaduna da Zariya, malaman fiziks, kemistiri da lissafi ba su wadaci makarantun kuɗi ba. Shi ya sa za ka samu malami ɗaya yana koyarwa a makarantu biyu, kowace tana biyansa gwargwadon darussan da yake ɗauka. Abin yana tafiya lafiya har sai an shiga sabon zango, kowace makaranta ta manna jadawalinta ba tare da sanin abin da ɗayar ta tsara ba. A makon nan na farko ne malami zai nuna ko ya san abin da yake yi.

Mu ɗauka malamin fiziks ne a Kano, makarantarsa ta farko tana Hotoro, ta biyu tana Kabuga. Duka biyun suna fara darasi ƙarfe 8:00, kowane darasi minti 40. Ranar Talata, ta Hotoro ta ba shi 'yan ajin ƙarshe darasi biyu a jere a ɗakin gwaje-gwaje, daga 9:20 zuwa 10:40. Ta Kabuga kuma ta ba shi 'yan aji ɗaya na babbar sakandare daga 10:40 zuwa 11:20. A takarda babu karo, wancan na ƙarewa wannan na farawa. Amma Hotoro tana gabashin gari, Kabuga tana yamma, kuma dole ya ratsa cunkoso a cikin a-daidaita-sahu. Idan tafiyar tana cin sa minti 45, kafin ya isa darasin ya ƙare. Irin wannan karo ya fi wanda ke bayyane haɗari, domin malami kan yaudari kansa cewa zai yi sauri. Saboda haka in za ka jera jadawalai biyu, ka rubuta lokacin hanya a tsakaninsu kamar shi ma darasi ne, kuma ka yi lissafi da ranar da hanya ta cushe, ba ranar da ka yi sa'a ba.

Da zarar ka gano karon, duka makarantun biyu za ka sanar, amma ɗaya kawai za ka roƙa ta gyara. Dalilin sanar da duka biyun shi ne, kafin a kammala gyara wani aji zai rasa darasi, kuma gara hukumar makaranta ta ji daga bakinka da ta ji daga iyayen yara. Dalilin roƙon ɗaya kuwa, in ka roƙi duka biyun kowace na iya matsar da darasinka zuwa bayan tara, ka sake faɗawa cikin wani sabon karo da hannunka. An sha ganin haka.

To wace za a roƙa? Da yawa kan ce wadda kuɗinta ya fi kaɗan. A ganina wannan ma'auni ne mai rauni. Abin dubawa shi ne inda gyaran ya fi sauƙi. Duk darasin da ke kan jadawali yana riƙe da abu uku: aji, malami da ɗaki. Darasin Hotoro biyu ne a haɗe, yana buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da malaman kemistiri da bayoloji su ma suke jiran nasu lokaci, kuma na yaran da ke shirin WAEC da NECO ne. Taɓa shi zai motsa malamai uku ko huɗu. Na Kabuga guda ɗaya ne, a aji ake yin sa, alli da allo kawai yake so. Nan ne wurin roƙo.

Kuma kada ka je hannu rabbana. Kafin ka ga mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, duba jadawalin ajin nan na ranar Talata. A ce malamar Hausa, wadda take makarantar daga safe har tashi, tana da darasi da su ƙarfe 12:20. Idan ta dawo 10:40, kai ka koma 12:20, yara ba su rasa komai ba, kuma babu wani malami na uku da abin ya shafa. Sai dai ka tabbata ba ta da wani aji a 10:40, ka kuma nemi yardarta tukuna, domin alfarma za ta yi maka. Wanda ya sha wahalar haɗa jadawali ba ya son jin an ce ya warware shi, amma musayar darasi biyu a aji ɗaya abu ne da zai gyara da biro a gabanka.

Maganar ba ta buƙatar dogon sharhi. Bayan gaisuwa, abin da ya kamata ya ji shi ne: "Ranka ya daɗe, ka san ina da wata makarantar da nake koyarwa. Ranar Talata ina fitowa daga can ƙarfe 10:40, daidai lokacin da aka sa ni a nan. Na yi magana da malamar Hausa, ta amince mu yi musaya, ni in ɗauki 12:20. Izininka nake nema." Idan ya amince, ka bi shi da rubutaccen saƙo mai ɗauke da rana, aji da lokaci, ka kuma tabbata an gyara jadawalin da ke ofishin malamai da na cikin aji. In ba haka ba, littafin halarta zai ci gaba da nuna ka yi fashi, kuma da shi ake lissafin kuɗi a ƙarshen wata. Ita ma makarantar Hotoro ka koma ka gaya mata an daidaita, don kada ta taɓa nata.

Duk wannan yana yiwuwa ne ga wanda tun farko bai ɓoye aikinsa na biyu ba. Wanda ya ɓoye, shi ne za ka ga yau ya bar wa monita rubutu a kwafa, gobe ya turo ƙaninsa ya tsaya masa, jibi ya ce gaisuwar mutuwa ya je. Shugabannin makaranta ba yara ba ne. Uzurin da ke faɗowa kowace Talata a lokaci guda ba ya ɗaukar wata ɗaya bai tonu ba. Ka kuma duba takardar ɗaukarka aiki, domin wasu makarantu kan sa sharaɗin ba a yarda ka yi wa wata aiki ba. Malamin gwamnati mai cikakken aiki kuwa nasa lamarin daban ne: ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 sun hana shi gudanar da wata sana'a ta kansa in ban da noma.

Idan makarantar ta ƙi, ko musayar ta gagara, taura biyu ba ta taunuwa. Ka ajiye ajin nan guda, a rage kuɗinsa daga abin da ake biyanka, ka kuma ba su wa'adin da za su samo wani malami. Asarar darasi ɗaya a mako ta fi sauƙi a kan a sallame ka a tsakiyar zango.

Gyaran ma ba na dindindin ba ne. Lokacin azumi makarantu da yawa kan gajarta darussa, kuma ba lalle su gajarta iri ɗaya ba. Makon jarrabawa yana zuwa da nasa jadawalin sa ido, Juma'a kuma kowa da lokacin tashinsa. Duk ranar da ɗaya daga cikin makarantun ta manna sabuwar takarda, ka ɗauki hotonta da waya, ka jera ta da ɗayar a daren, ka kai maganar washegari.