An Ɗebi Jini, Wa Ya Duba Sakamakon?

Akwai wani sakaci da ke ci min tuwo a ƙwarya a ɗakunan kwanciyar asibiti. Babban likita ya kwantar da mai anoreksiya, cutar nan ta ƙin cin abinci don tsoron ƙiba har mutum ya zama ƙashi da rai, sai ya ce wa ƙaramin likita da nas, "a fara ba ta abinci, a riƙa lura," ya saɓa jakarsa. A lura da me? Wannan ba bayani ba ne.

A ce budurwa ce mai kilo 35, aka kwantar da ita ranar Alhamis. Gwajin farko ya nuna sinadarin fosfet ɗin jininta 1.0, alhali na lafiyayyen baligi daga 0.8 ne zuwa 1.5, sai kowa ya saki jiki. Ai wannan lambar ruɗi ce. Da abinci ya fara shiga, insulin zai tashi ya kwashe fosfet da fotasiyam da magniziyam daga jini ya tura su cikin ƙwayoyin jiki. Faɗuwar ta fi zuwa a kwanaki ukun farko zuwa biyar, wato ga wannan yarinya daidai Asabar da Lahadi, lokacin da manya ba sa nan. Juma'a fosfet ya sauka 0.8, Asabar 0.5, takardar kuma tana ɗakin gwaji ba wanda ya je ya karɓo. Lahadi ƙafafu sun kumbura, sikeli ya ƙaru da kilo biyu, har wani yana murna wai ta fara ƙiba. Ruwa ne ya taru, zuciyar da yunwa ta rage wa ƙarfi tana neman gazawa.

Saboda haka babba ya zauna ya faɗa wa na ƙasa da shi dalla-dalla. Bitamin B1 ake fara bayarwa kafin abinci ko ƙarin ruwa mai sukari. Jini kullum ne a makon farko, kuma a rubuta sunan wanda zai karɓo sakamakon ranar da aka ɗiba, ya kwatanta da na jiya. Bugun zuciya ƙasa da 40 a farke, ko ya zabura bayan da can yana tafiya a hankali, ko haki, ko ruɗewa: a kira babba, ko da tsakar dare ne.

Tsoro kuma kada ya sa a yanke abinci. Jagorar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fitar a 2022 ta yi kashedi cewa barin majinyaci da yunwa shi ma kisa yake yi. Fosfet ake mayarwa, babba ya daidaita abincin.

Ku kuma 'yan uwa masu shigo da kunu da lemon kwalba a ɓoye don tausayi, ku bari. Kun san ko yaro mai tamowa da madarar F-75 ake lallaɓa shi kafin a ƙara. Abin da ya fi amfani shi ne ku tambayi nas kowace yamma ko sakamakon jinin yau ya fito, kuma wa ya gani.