Ciwon Afendis: Yadda Zafinsa Ke Yin Ƙaura

A ƙasan cikin ɗan Adam, wajen dama, inda ƙaramin hanji ya haɗu da babban hanji, akwai wani ɗan reshe mai kamar tana. Tsawonsa kan kai santimita 8 zuwa 10, ƙarshensa kuwa a rufe yake kamar aljihu. Shi ne afendis. Idan bakinsa ya toshe, majinar da yake fitarwa sai ta rasa mafita, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, ya kumbura. Mutane da yawa suna kiran wannan ciwo tsakuwar ciki, suna zaton tsakuwar shinkafa ko 'ya'yan gwaba ne ke kawo shi. Galibi ba haka ba ne. Abin da kan toshe shi shi ne ɗan busasshen bayan gida da ya ƙanƙare, ko kumburin kaluluwar da ke jikin bangonsa, wani lokaci kuma tsutsar ciki. Wani likita na Jami'ar Harvard, Reginald Fitz, shi ne ya bayyana ciwon filla-filla a shekarar 1886, ya kuma ba da shawarar a yi gaggawar cirewa.

Abin mamaki a nan shi ne, zafin ba ya farawa a inda afendis yake. Mu ɗauki misalin ɗalibi ɗan shekara 16 a wata makarantar sakandare a Kusada. Ranar Litinin da la'asar ya ji cikinsa yana murɗawa a kewayen cibiya. Da aka ce ya nuna wurin, sai ya shafa tsakiyar cikin duka da tafin hannu. Da dare ya ƙi tuwo, ya yi amai sau ɗaya. Wayewar garin Talata zafin ya bar cibiya, ya sauka ƙasan ciki ta dama, yanzu kuwa da yatsa guda yake nuna shi.

Dalilin wannan ƙaura yana ga jijiyoyi iri biyu. Jijiyoyin da ke jikin hanji ba su da yawa, kuma miƙewa da kumburi suka fi ji. Saƙon da suke ɗauka daga afendis yana shiga laka ne a daidai matakin da saƙon fatar cibiya ke shiga, wato mataki na goma na ɓangaren ƙirji. Ƙwaƙwalwa ba ta iya rarrabe masu aiken biyu, sai ta ɗora laifin a kan cibiya. To, bayan sa'o'i 12 zuwa 24, kumburin yakan ratsa bangon afendis ya taɓa tantanin da ya shimfiɗe a bangon ciki ta ciki. Jijiyoyin wannan tantani irin na fata ne, sun san wuri daidai. Nan take zafin ya zama mai suka, ya tsaya wuri guda. Idan aka ja layi daga tsinin ƙashin ƙugu na dama zuwa cibiya, aka raba shi uku, wurin yana ƙarshen kashi na farko daga ƙashin. Charles McBurney na birnin New York ne ya siffanta shi a 1889. Saboda tantanin ne ɗalibin namu zai yi tafiya a sunkuye, ya ji tari kamar sukar wuƙa, kuma duk ramin da mota ta faɗa a hanyar zuwa Babban Asibitin Kankiya sai ya dafe ciki.

A asibiti, likitoci kan yi amfani da wani lissafi mai maki 10 da Alfredo Alvarado ya fitar a 1986. Ɗalibinmu ya sami maki ɗaya-ɗaya na ƙaurar zafi, da ƙin abinci, da amai. Zafi idan an danna wurin ya ba shi biyu. Zabura idan an ɗage hannu farat ɗaya, ɗaya. Ɗan zazzaɓi, ɗaya. Hauhawar fararen ƙwayoyin jini sama da 10,000, biyu. Tara ke nan. Daga bakwai zuwa sama, zato ya yi ƙarfi.

Da kowa zai zo da irin wannan labari, da aikin ya yi sauƙi. Amma kusan rabin masu ciwon ba su samun wannan tsari cikakke, domin afendis ba wuri ɗaya yake kwanciya ga kowa ba. Ga mutane da yawa yana ɓoye ne a bayan babban hanji, sai zafin ya koma kwiɓi ko baya, a zaci ƙoda ce. Ga wasu ya sauka cikin mara kusa da mafitsara, ya kawo yawan fitsari ko gudawa. Ga mai tsohon ciki, mahaifa kan tura shi sama. Ƙaramin yaro ba ya iya faɗin yadda abin ya faro, tsoho kuwa alamominsa ba su da ƙarfi.

Sa'an nan ga cututtukan da ke kama da shi. A ƙasarmu babban abokin ruɗu shi ne taifot, wanda kan huda ƙarshen ƙaramin hanji, maƙwabcin afendis. Jerin alamomi kan taimaka: mai taifot yakan yi mako biyu ko fiye yana zazzaɓi kafin cikin ya rikice, mai afendis kuwa zafin ciki ne farko, sai amai, sai ɗan zazzaɓi. Ga mace, dole a yi gwajin ciki, domin cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana ba da zafi a wuri guda. A ganina tarkon da ya fi kama mutane shi ne gwajin maleriya. Da damina, samun ƙwayar maleriya a jinin yaro a Kankiya ba abin mamaki ba ne, kuma bai hana afendis ɗinsa ya kumbura a lokaci guda ba.

Jinkiri shi ne ke kisa. Bayan kamar sa'o'i 36 zuwa 48, haɗarin fashewa yana ƙaruwa. Idan ya fashe, zafin kan lafa na ɗan lokaci saboda matsin ya sauka, iyali su ce an sami sauƙi, alhali mugunya ce ke bazuwa. Ba da jimawa ba cikin duka zai sandare kamar katako. Don haka mai irin wannan zafi kada a ba shi maganin wankin ciki ko jiƙo, kada a ɓata kwana ana gwada ƙwayoyin kemis, kada kuma ya ci abinci kafin likita ya gan shi.

Aikin cirewa kan ɗauki kamar sa'a guda. Ko dai a yi ɗan yanka a ƙasan ciki ta dama, ko kuma, a asibitocin da ke da kayan aikin, a huda ƙananan ƙofofi uku a shigar da na'urar hange. Idan bai fashe ba, ana so majinyaci ya tashi ya taka a ranar ko washegari, domin tafiya tana tayar da hanji, tana buɗe huhu, tana hana jini daskarewa a ƙafa. Zai fara da kurɓar ruwa, sai kunu ko koko, sa'an nan abinci sosai. Kada a ji kunya in ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko an fitar da iska: alama ce hanji ya koma aiki. Akan sallame shi cikin kwana 1 zuwa 3, a cire zare bayan kwana 7 zuwa 10, ya koma aji cikin mako biyu. Amma noma, da jan ruwa a rijiya, da daka, da ƙwallon ƙafa, sai bayan mako 4 zuwa 6, har naman ciki ya haɗe.

Wanda nasa ya fashe zai kwashe mako guda ko fiye a kwance, da ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta, wani lokaci da ɗan bututun tsiyayar da mugunya. Ko wane iri ne, a tsare miki da tsabta, kada a shafa masa komai na gida. A koma asibiti nan da nan idan mikin ya yi ja, ya kumbura ko ya fara ruwa. Idan zazzaɓi ya dawo bayan kwana 5 zuwa 10, musamman tare da gudawa, domin wataƙila mugunya ce ta taru a ciki. Ko kuma idan ciki ya kumbura ana amai, ba iska ba bayan gida. Wannan na ƙarshe yana iya faruwa ko bayan shekaru, in tabon ciki ya shaƙe hanji. Narkewar abinci kuwa ba ta canzawa don an cire afendis, kuma babu wani abinci da aka hana mutum bayan ya warke.