Tallan Kayan Sallah: Lissafi Daga Shagon Tela Yake Farawa

Ɗan kasuwar da ya jira sai goman ƙarshen azumi kafin ya kai tallan shaddarsa gidan rediyo ya makara, ko da Sallah saura kwana tara. Mai sayen yadi ba sakawa zai yi yadda ya saya ba, sai ya bi ta hannun tela. Teloli kuwa a Kano da Zariya da Maraɗi, yawancinsu kafin azumi ya raba tsakiya sun daina karɓar ɗinki, mai aikin babbar riga ma ya riga su rufe ƙofa. Saboda haka ranar da mai kanti a Kantin Kwari zai sa wa ido ita ce ranar da tela zai ce "Alhaji, a yi haƙuri, aiki ya yi yawa." Daga nan ake ƙirgowa baya.

Mu ɗauki shekarar 2025, da yake lissafinta ya zo da sauƙi. An fara azumi a Nijeriya ranar 1 ga Maris, aka yi Sallah ranar 30, kwanan watan azumi da na Bature suka tafi kafaɗa da kafaɗa. Idan tela ya rufe karɓar aiki wajen 15 ga wata, albashin Maris da ke shigowa a ƙarshen wata bai amfani mai sayar da yadi da komai ba. Kuɗin da ma'aikaci zai sayi turmin atamfar uwargida da yadi biyar na kaftaninsa, albashin Fabrairu ne, kuma shi ɗin ne mai shinkafa da sukari da gero ke jira. Ke nan tallan yadi ya kamata ya kankama tun tsakiyar Sha'aban, wajen 14 ga Fabrairu, domin maigida ya ware kuɗin ɗinki a ransa kafin cefanen azumi ya cinye aljihun.

A ce mai kanti ya ware naira dubu 300. Ni da zan ba shi shawara, rabin kuɗin ya tafi tsakanin tsakiyar Sha'aban da ganin wata, dubu 100 a goman farko, sauran dubu 50 kuma a goman ƙarshe. Wannan ragowar ba ta yadi ba ce, ta abin da ba ya buƙatar allura ce: hula, mayafi, takalmi, turare, ɗinkakkun kayan yara. Mai sayar wa 'yan sari kuwa ya ƙara matsawa baya da mako biyu ko uku, don mai saro kaya zuwa Damagaram ko Maiduguri sai ya kai su gida ya baje kafin nasa masu sayen su fito.

Wani abin da ke rikita lissafin shi ne biki. Iyaye da yawa suna son a ɗaura aure amarya ta tare kafin azumi, shi ya sa Rajab da Sha'aban ke cika da ɗaurin aure. Amma lefe makonni kafin ranar ake haɗa shi, anko kuma ba turmi ɗaya ba ne, uwar biki tana iya neman talatin ko hamsin iri ɗaya. Tallan da aka yi mata dole ya faɗi adadin da ke ƙasa da ko za a iya ƙarowa, domin babu abin da ke zubar da mutuncin kanti kamar a fitar da anko, rabin ƙawaye su saya, zanen ya ƙare. Wannan talla daban ne da na Sallah, kuma tun kafin Rajab ya kama ake yin sa.

Lokacin sakin talla ma sai an duba. Da la'asar mata na kicin, maza sun galabaita, hoton leshi a WhatsApp ko Instagram ba mai tsayawa ya kalla. Bayan asham da lokacin sahur ne waya ke hannu. A rediyo kuwa, gurbin da ke kusa da tafsiri da shan ruwa manyan kamfanoni kan kama shi da wuri, mai zuwa bayan ganin wata sai ya ɗauki abin da aka rage.

Alamar an makara ba ta ɓuya. Saƙonni za su yi ta shigowa, ana tambayar farashi, ciniki kuma shiru, ko a ji mai saye na cewa "Kuna da telan da zai karɓa?" Idan an fara jin haka, a tsayar da tallan yadi, a juya kuɗin kan ɗinkakku. Yadin da ya rage ba asara ba ne, tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kusan kwana 70 ne, sai dai a wannan karon kuɗin rago ne ke gaba da na ɗinki.

Jadawalin bara kuma ba ya yi wa bana aiki. Azumin 2024 ranar 11 ga Maris ya kama, na 2025 ranar 1, kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, ranar albashi kuwa tana nan inda take. Wata shekarar albashi zai faɗo a goman farko, wata kuma sai bayan tela ya rufe ƙofa.