Wasiƙa zuwa ga 'yan aji ɗaya: me ya sa muke tsananta hukuncin satar rubutu?



Kafin in ba ku jingar farko, ina so mu yi magana kan laifin da ya fi jefa sababbin ɗalibai cikin matsala, wato satar rubutu: mutum ya ɗauki kalaman wani ko tunaninsa, ya miƙa a matsayin nasa. A sakandare, wanda ya haddace littafi ya juye shi a takardar jarrabawa shi ne gwani. A nan kuwa wannan juyewar, idan ba a ambaci mai ita ba, tana iya jawo sifili, ko maimaita kwas, ko kora.

Wata shekara na ba da jinga kan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu. Ina cikin dubawa sai na ga wani ɗalibi ya rubuta cewa an yi ta a 1840. A 1804 aka yi ta, kuma Shehu ya rasu tun 1817, don haka na ɗauka tuntuɓen alƙalami ne. Can sai ga 1840 a takarda ta biyu, da ta uku, duk a cikin jimla iri ɗaya. Na sa jimlar a Google, ta fito a wani shafi marar sunan marubuci, da kuskurenta da komai. Ban da wannan ma akwai wata alamar: ɗalibin da sakin layinsa na farko ke ɗingishi, na biyu ya koma santsi kamar na farfesa, na uku ya dawo ɗingishi. Malamin da ya shekara goma yana duba takardu yana jin wannan sauyin kamar yadda uwa ke gane muryar da ba ta ɗanta ba.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne, babu ɗayansu da ya iya faɗa mini inda shekarar ta samo asali. Da sun rubuta majiyarsu, da cikin minti biyar mun gano inda aka yi kuskure. Da yawanku kun san wannan tun daga makarantar Islamiyya. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi, wane daga wane, domin a bi sawu a ga ko akwai mai rauni a cikin masu ruwaya. Ambaton majiya shi ne isnadin jami'a. Wanda ya share shi ya tauye haƙƙin mai aikin, ya kuma toshe wa mai karatu hanyar tantancewa. Sannan takardar digirin da za mu ba ku shaida ce muke yi wa jama'a cewa wane ya iya bincike da kansa. Idan aikin da muka duba na wani ne, mun yi shaidar zur.

Laifin kuma ba ya ruɓewa. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya kuma sauka daga muƙaminsa. A 2013 Jami'ar Düsseldorf ta ƙwace na ministar ilimi, Annette Schavan, a kan kundin da ta rubuta tun 1980.

To, yaya ake yi? A ce kana karanta littafin Murray Last kan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967. Idan kalamansa za ka ɗauko, ka sa su cikin alamar zance, ka rubuta sunansa da shekara da shafi. Idan ma'anar kake so, rufe littafin, ka rubuta abin da ka fahimta da bakinka, sannan ka buɗe ka gwada, kuma duk da haka ka ambace shi, domin tunanin nasa ne. Sauya kalma biyu ko uku a bar ginin jimlar yadda yake sata ce. Haka fassara shafi daga Turanci zuwa Hausa ba tare da ambaton mai shi ba. Wannan kam ɗaliban sashen harsuna sun fi faɗawa ciki. Abin da kowa ya sani, kamar samun 'yancin Nijeriya a 1960, ba ya buƙatar majiya.

Za ku ji ana maganar Turnitin da kason da take nunawa. Manhajar kamanceceniya kawai take ƙirgawa. Tana iya nuna kaso mai yawa saboda zancen da aka ambata daidai, tana iya nuna kaɗan alhali an kwashe tunanin wani gaba ɗaya. Hukuncin na malami ne da kwamitin ladabtarwa.

Na lura mafi yawan masu faɗawa wannan rami ba mugunta ce ke kai su ba. Dare ne ke yi musu ana gobe miƙa aiki, ko kuma sun kwafi jimla a littafin rubutunsu sun manta daga ina take. Don haka duk abin da kuka kwafa, ku rubuta sunan littafin da shafinsa a gefe nan take. Wanda ya ga lokaci zai ƙure masa, ya same ni a ofis tun kafin ranar miƙawa, ya taho da abin da ya fara rubutawa, ko da rabin shafi ne.

Malaminku.