Wata Takwas Yana Biyan Ruwa, Uwar Kuɗi Na Nan Daram

Wani ƙanen abokina, malamin firamare, ya zo gidana bayan sallar isha'i yana neman rancen naira 20,000. Ranar 3 ga wata ce, albashi bai kwana biyar da shiga ba. Na tambaye shi ina albashin, sai ya sunkuyar da kai. Ashe katinsa na cire kuɗi ma ba ya hannunsa. Yana wurin wani mai ba da bashi da ruwa a bayan kasuwa, har da lambar sirrin. Da albashi ya faɗo, mutumin zai cire nasa, sannan ya kira shi ya zo ya karɓi ragowa.

Na ce ya kawo biro da takarda. Nan ne haushi ya fara kama ni, domin mutumin da ke koya wa yara lissafi bai taɓa zama ya lissafa bashin kansa ba. Albashinsa 95,000. Ya karɓi 150,000 wurin mai katin lokacin sunan ɗansa, a kan ruwan kashi 20 cikin ɗari duk wata, wato 30,000. Wata takwas yana biya ba fashi. Ya zuba 240,000 ke nan, amma da na tambaye shi nawa ya rage, sai ya ce, "Yaya, ai uwar kuɗin tana nan." Akwai kuma 50,000 da ya karɓa wurin wata hajiya a kan kashi 30, yana ba ta 15,000 duk wata. Sai 40,000 na mai shagon unguwa da 60,000 na surukinsa, waɗanda ba su da ruwa.

Kashi 20 a wata yana da daɗin ji a kunne, amma a shekara kashi 240 ne. Kuma mai irin wannan sana'a ba ya gaggawar a dawo masa da uwar kuɗi. Shi ya sa za ka ji yana cewa, "Kada ka damu, kawo ruwan kawai, sauran sai ka samu." Mutane na ɗaukar wannan a matsayin kirki, har su yi godiya. Saniyar tatsa ya samu, me zai sa ya yanka ta? Duk wanda ya yi wata uku yana biya bai ga bashinsa ya ragu ko da naira ɗaya ba, to ya san cikin ramin da yake.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ɗan abin da ya rage masa surukinsa yake lallaɓawa da shi, saboda kunya. Na ce masa ya je ya faɗa wa surukin gaskiya, ya nemi a ɗaga masa ƙafa wata shida. Bashin da ba ya haihuwa zai iya jira. Wanda ke haihuwa duk wata shi ake fara kashewa, kuma a fara da wanda ruwansa ya fi tsada. Nan na hajiya ne. Yana da ƙaramin janareta da ya daina tayarwa tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Ya sayar da shi, ya cika da kuɗin tsohuwar waya, ya kai mata 50,000 a dunƙule. Daga ranar 15,000 ta dawo aljihunsa duk wata.

Mai katin kuwa sai da aka zauna. Ba a zuwa irin wannan zama da zafin kai, kuma ba a zuwa shi kaɗai. Mun tafi da dattijon da ya tsaya masa lokacin karɓar bashin, muka ɗauki bayanin asusu daga banki wanda ya nuna kowace 30,000 da aka cire. Ba mu ce a yafe ba. Buƙatarmu ɗaya ce: a tsayar da ruwa, a yanke jimilla guda, a raba ta wata-wata. Ya fara da cewa sai 220,000. Dattijon ya ce masa, "Alhaji, ka riga ka ci 240,000 a kan 150,000. Yaron nan in ya karye, kai ma asara za ka yi." Aka daidaita a kan 180,000, a biya 30,000 sau shida. Abin da ke fita daga albashi bai canza ba, amma yanzu akwai ranar gamawa.

Aka rubuta a takarda: jimilla, adadin kowane wata, ranar biya, da cewa babu wani ruwa da zai hau bayan wannan. Shaidu biyu suka sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Abin mamaki ne yadda muke jin nauyin rubuta bashi, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Aka karɓo katin, ya canza lambar sirri a ranar, kuma biya ya koma ta banki domin kowace naira ta bar shaida.

Ba kowane mai ba da bashi ne zai yarda ba. In ya ƙi, a nemi aƙalla ya karɓi uwar kuɗi gutsure-gutsure, ana lissafa ruwa a kan ragowar kawai. In ka rage 50,000 daga 150,000, ruwan wata ya sauko daga 30,000 zuwa 20,000, sai ka mayar da rarar 10,000 kan uwar kuɗin. In ya koma barazana da 'yan sanda, a sani cewa Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Wannan ba lasisin cin bashi ba ne, domin yana iya kai ka kotu. A kai maganar gaban mai unguwa ko masu sulhu, kada a kashe waya a ɓuya.

Game da cin sabon bashi a biya tsoho, yana da amfani ne kawai in sabon ya fi sauƙi ƙwarai, kamar na ƙungiyar gama kai ta wurin aiki. Tambaya ɗaya za ka yi kafin ka sa hannu: gaba ɗaya nawa zan biya, kuma yaushe zan gama? Wanda bashi ya yi wa katutu kuma yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, kada girman kai ya hana shi nema.

Daina cin bashi kuwa ba a yin sa dare ɗaya. Mai iyali da ya saba karɓar garin masara da mai a shago ba zai daina gobe ba. Mun raba 15,000 ɗin nan da ta dawo aljihun malamin: 10,000 ga mai shago, tare da sharaɗin abin da zai karɓa bashi a wata kada ya wuce rabin abin da ya biya, 5,000 kuma ya shiga adashin malamai, ya nemi kwasarsa ta faɗo kusa da lokacin komawa makaranta, wanda dama shi ne lokacin da yake rugawa bayan kasuwa.

A wata na huɗu bayan zaman da muka yi da mai katin Sallah ta matso, sai ga shi ya zo yana inda-inda. Wai Alhajin ne ya kira shi da kansa, ya ce tunda yana cika alkawari, in yana son 100,000 na rago ya zo ya karɓa. Na ce ya ɗauko takardar nan ya karanta mini abin da ya rage. Ya ce 60,000, wata biyu. Na tambaye shi ragon 100,000 a kan kashi 20, nawa zai zama bayan wata takwas. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya ce 260,000. A wannan shekarar bai yi layya ba, naman da maƙwabta suka aiko suka ci.